Premiere ko Live: Wanne Ke Jiran Mai Tasha?

Ana yawan tambayata wanne ya fi a YouTube. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da ka makara.

A Premiere, tun da wuri ka ɗora bidiyon. In ka sa ƙarfe 8:00, lokacin na cika ƙidayar minti 2 za ta fara, sai bidiyo ya tashi da kansa wajen 8:02, ko kana barci. Abin da za ka rasa shi ne hira da masu kallo, wadda a ganina ita ce ribar tsarin.

Live kuwa ba ya motsi sai ka zo. Jama'a su yi ta jira har su watse.

Mai raunin intanet, Premiere ya fi masa. Mai son amsa tambayoyi da baki, sai Live.