Wane teburin foka ne ya fi wahalar a haɗa maka baki a intanet?

Masu tallar shafukan foka, wato wasan kati na caca, sun fi son su nuna maka garaɓasar da za a ba ka in ka zuba kuɗi. Ni na daina kallon wannan. Abin da nake tambaya kafin in zauna shi ne: wa ke zaɓar mutanen da za su zauna tare da ni? In 'yan wasa ne ke zaɓa da kansu, to masu haɗin baki ma suna zaɓa.

Da kuɗina na sayi wannan karatu. Na yi wata uku a wani kulob na cikin waya, irin wanda dillali ke shigar da kai, shi ke karɓar kuɗi, shi ke biya. Akwai wasu mutum biyu da kusan kullum nake tarar da su. Na farko ya ƙara kuɗi, in bi, na biyu ya ƙara a kansa, na farkon ya sake ninkawa, dole in zubar da katina. Da na fita sai wutar ta mutu: ɗaya ya sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ɗayan ya zubar nan take. Kuɗin da na bari a tsakiya suke rabawa. Da na kai ƙara, dillalin ya ce rashin sa'a ce. Wanda ke cin kamasho daga kowane hannu, wato kowane zagayen wasa, yaushe zai kori masu cika masa tebur? Saboda haka kulob ɗin dillali ba ya cikin lissafina, kuma ba zan ɓata masa tawada fiye da haka ba.

Ba kowane haɗin baki ne ke fitowa fili irin wannan ba. Mafi muni shi ne na shiru, inda abokai ke gaya wa juna katin da ke hannunsu ta waya. Ɗauki wasan Hold'em, irin fokar da kowa ke riƙe kati biyu, a buɗe biyar na kowa da kowa a tebur. An buɗe kati huɗu a tebur, saura ɗaya, kana da masu alamar zuciya huɗu, kana jiran na biyar da zai cika maka hannu mai ƙarfi. Masu zuciya 9 suka rage cikin kati 46 da ba ka gani ba, wato damarka ta kusa kashi 20 cikin ɗari. Akwai dala 100 a tsakiya, abokin karawa ya sa 25. Za ka biya 25 don neman 125, kana bukatar damar da ta kai kusan kashi 17, don haka bi ne daidai. To amma in abokinka ya raɗa maka cewa kati biyun da ya zubar duk masu zuciya ne, saura 7 cikin 44, ƙasa da kashi 16. Sai ka zubar, ka tsira da kuɗinka. Bambancin kaɗan ne, babu wanda zai gan shi da ido, amma a maimaita shi sau dubu ya zama albashi. A Omaha, inda kowa ke riƙe kati huɗu, mutum uku masu haɗin baki sun san kati 12 tun ba a buɗe komai ba.

Shi ya sa na fi son tebur mai sauyawa, a shafi babba mai lasisi. Shafin Full Tilt ne ya fara fito da shi a 2010 da sunan Rush Poker, PokerStars ya biyo da Zoom a 2012. Da ka zubar da kati, nan take a ɗauke ka a jefa ka wani tebur da wasu mutane daban, kuma na'ura ce ke rabon kujeru. Abokai biyu a cikin taron mutum ɗari biyu sai su yi hannu da yawa ba su haɗu ba, in sun haɗu ma hannu ɗaya ne a raba su. Matsin da aka yi mini a kulob yana bukatar zama tare na sa'o'i, a nan kuwa babu wannan zaman. Sharaɗi ɗaya ne: duba yawan mutanen da ke cikin taron kafin ka shiga. In tsakar dare ce, mutum ashirin kacal suka rage, fuskoki iri ɗaya za su riƙa dawowa, kariyar ta tafi.

Ba zan ɓoye raunin gwanina ba. Sauya tebur ba ya hana bot, wato manhajar da ke buga wasa a madadin mutum, asali ma saurin ya yi mata daɗi. Kuma na'ura ta iya wasan yanzu: a 2017 Libratus na jami'ar Carnegie Mellon ya doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000, a 2019 Pluribus ya yi nasara a teburin mutum shida. A nan girman shafi ke aiki. Shafi yana ganin katin kowa, abin da kai ba ka gani. Yana iya gano wanda ya zubar da hannu mai ƙarfi duk lokacin da wani takamaiman mutum ya sa kuɗi, ko asusu biyu da ke shiga da na'ura ɗaya. Bot kuwa kamanni ke tona masa asiri: asusu goma da alkaluman wasansu suka zo ɗaya kamar an buga su da hatimi, da daƙiƙun tunani da ba sa canzawa ko shawarar mai sauƙi ce ko mai wuya. Wanda ake zargi akan ce ya ɗauki bidiyon kansa yana wasa, a gwada da yadda ya saba bugawa. Nemi shafin da ke faɗin sakamakon bincikensa a fili yana mayar wa waɗanda aka cuta kuɗinsu. A 2020 GGPoker ya sanar da rufe asusu 40 saboda amfani da manhajar da ke ba mutum shawara yana cikin wasa, ya kuma ƙwace sama da dala miliyan ɗaya.

Teburin da aka saba, mai sunaye, yana da daɗin karanta mutane, amma kowa na zaɓar kujerarsa. Teburin da ke ɓoye sunaye kuwa yana hana a bi diddiginka, sai dai kai ma ya rufe maka ido, ba za ka gane waɗanda suka matse ka jiya su ne na yau ba. Ka tuna badaƙalar Absolute Poker a 2007, inda asusun POTRIPPER ke ganin katin kowa daga cikin gida: 'yan wasa ne suka bankaɗo ta da tarihin hannuwa, ba kamfanin ba. Shafin da ba ya bari ka duba tarihin wasanka, ka yi masa kallon tsanaki.

Sai kuma 'yan damfara. Tambarin lasisi a ƙasan shafi hoto ne kawai, kowa na iya liƙa shi. Ɗauki sunan kamfanin ka neme shi a rajistar hukumar da aka ambata, ko Gambling Commission ta Birtaniya ko Malta Gaming Authority, ka ga ko adireshin shafin na ciki. Duk wanda ya ce zai sayar maka da manhajar ganin katin abokan karawa, katinka yake son gani. A 2015 kamfanin tsaro ESET ya gano wata muguwar manhaja mai suna Odlanor, wadda ke ɓuya cikin kayan taimakon foka da mutane ke saukewa, tana ɗaukar hoton allon wanda ya kamu tana aika wa mai ita, shi kuma ya nemo teburin ya zauna. Haka mai tallar bot da ke neman kalmar sirrinka wai don ya saita maka. In bai kwashe asusun ba, shafin ne zai rufe shi ya riƙe abin da ke ciki, kai kuma ba ka da bakin kai ƙara.