Mita 27 ko mita 4: wanne ne tsayin filinka bisa teku?

"'Yan'uwa, akwai filin da nake son saye a Ajah, a Legas. Wayata ta ce wurin yana da tsayin mita 27, shi kuma safiyo da na'urarsa ta GPS ya ce bai wuce mita 4 da ɗoriya ba. Wa zan yarda da shi?"

Malam, in dai tsoron ambaliya ne ya sa kake tambaya, to riƙe lambar safiyo. Amma wayarka ma ba ƙarya ta yi ba, wurin da kowannensu ya fara ƙirge ne ya bambanta.

Ita na'urar GPS ba ta san inda teku yake ba. Abin da take lissafawa daga saƙon taurarin ɗan'adam shi ne tazararka daga wata siffa ta lissafi, sumul kamar ƙwai, wadda aka zana ta yi kusa da siffar duniya. Ana ce mata elifsoyid, kuma wadda GPS ke aiki da ita sunanta WGS84. Ba ruwanta da tudu ko kwari, ba ruwanta da inda ruwa zai bi.

Shi kuwa ruwa nauyin ƙasa yake bi, kuma ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ba ɗaya ba ne ko'ina, saboda duwatsun da ke ƙarƙashinmu wani wuri sun fi wani nauyi. Da za a bar teku ya kwanta lum, babu iska babu igiya, a kuma bar shi ya ratsa ƙarƙashin ƙasa, shimfiɗar da zai yi mai ƙulu-ƙulu ce. Ita ake kira jiyoyid, kuma daga kanta ake ƙirga tsayi bisa teku. A kudu da Indiya ta nutse ƙasa da elifsoyid da fiye da mita 100, a wajajen Niyu Gini ta haura shi da wajen mita 80. A nan Legas tana samansa da mita 22 zuwa 23.

Ga lissafin filinka:

```
H = h - N
H = 27 - 22.6 = 4.4
```

A nan h shi ne abin da wayarka ta nuna, N tazarar da ke tsakanin shimfiɗun biyu, H kuma tsayi bisa teku. Ka ga ashe kai da safiyo bakinku ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, a gari kamar Jos wanda ya haura mita 1,200, kuskuren mita 22 ba zai tayar wa mai sayen fili hankali ba. A Ajah ko Lekki kuwa kuskuren ya ninka tsayin ƙasar kanta sau da yawa. Mutum ya ga 27 ya ɗauka kan tudu yake, alhali damina na sauka ruwa zai yi masa sallama har ɗaka.

Yadda za ka gane wanne na'urarka ke ba ka ba wuya. Ka je bakin ruwa, ka tsaya inda igiya ke taɓa ƙafarka, ka duba. In ka ga lamba kusa da sifiri, an riga an cire N. In ka ga ashirin da wani abu, tsayin elifsoyid ne, kuma wayoyin Android da yawa shi suke bayarwa sai in manhajar ta gyara. In na'urar tana nuna layin GGA, wato layin lambobin da GPS ke fitarwa game da wuri da tsayi, duba wannan yankin:

```
4.4,M,22.6,M
```

Ta farko tsayi bisa teku, ta biyu N. Idan ta biyun ta fito 0.0 ko babu komai, kar ka amince da ta farkon, wataƙila ba a cire komai ba.

Na taɓa ƙonewa da wannan. Muna aikin lambatu, aka kawo mini awo daga mutum biyu, ɗaya ya saita na'urarsa a kan EGM2008, wato taswirar jiyoyid ta duniya, ɗayan ya bar ta a elifsoyid, babu wanda ya rubuta a takarda. Na zauna ina zana gangara sai na ga wai ƙarshen layi ya fi farkonsa tsayi da mita 22, a unguwar da ke shimfiɗe kamar faifai. Girman kuskuren ne ya cece mu, amma kwana biyu muka yi muna sake awo. Tun daga ranar ba na karɓar lamba sai na ji daga ina aka ƙirga ta.

Sai dai ko ka cire N, kar ka yi ciko ko ka haƙa magudana da lambar waya. Taurarin duk a samanka suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashi, shi ya sa GPS ta fi rauni wajen tsayi, kuma waya kan yi kuskuren mita goma ba tare da ta gaya maka ba. Ka ce wa safiyo ya ɗaura awonsa da turken awon tsayi na gwamnati mafi kusa, ya rubuta maka a jikin takarda wane tsayi ne. Sannan ka zaga katangun maƙwabta ka duba layin da ruwan bara ya bari.