Ajandar kanun batutuwa da ajanda mai minti da mai ɗaukar nauyi

"Malam sakatare, ajandarmu jerin kanun batutuwa ce kawai, kullum magariba ke tashinmu ba mu yanke komai ba. An ce mu riƙa sa minti da suna a gaban kowane batu. Ina bambancin yake?"

Alhaji, bari in ajiye maka batu ɗaya a rubuce iri biyu, daga ƙungiyar unguwarmu.

Da can mukan rubuta: "Na 4, maganar kwata."

Yanzu kuwa: "4:45 zuwa 5:10, yashe kwata kafin damina. Mai gabatarwa: shugaban kwamitin ayyuka. Abin da za a tashi da shi: a zaɓi ɗaya cikin farashin ma'aikata biyu, a tsayar da ranar fara aiki."

Rubutun farko bai ce kowa ya shirya komai ba. Kowa zai zo da nasa ƙorafin, wani ya ɗauko ambaliyar bara, wani ya ɗora laifi kan masu zuba shara, har ladan ya kira salla. Na biyun ya tilasta wa mutum ɗaya ya zo da takardun farashi a hannu, tunda ya ga muƙaminsa a ajandar kwana uku kafin zama. A ganina layin ƙarshen nan ya fi mintocin aiki. Idan ka kasa rubuta abin da za a tashi da shi, to batun sanarwa ce kawai, a ba shi minti biyu a wuce. Kada kuma a rubuta "kwamiti" a gurbin mai gabatarwa, don ranar zama kowa zai kalli ɗan'uwansa.

Mu muna zama ƙarfe 4:30 bayan la'asar. Addu'a minti 5, bayanan zaman baya 10, kwata 25, albashin 'yan sintiri 20, rahoton ma'aji 10, sauran batutuwa 10, sai minti 5 da nake karanto wa zai yi me da kuma yaushe. Minti 85 ke nan, mu gama 5:55. Abin da ya rage kafin magariba rara ce, kuma kusan kullum sai an ci ta. Batu mai zafi a gaba muke sa shi, lokacin da mutane ba su fara zamewa ba.

Inda tsohon tsarin ya fi sauƙi shi ne wajen dattawa. Matashin sakatare ba zai katse babba ya ce lokacinsa ya cika ba, na gwada sau ɗaya na sha kallo. Yanzu takarda nake miƙa wa shugaba idan saura minti 3, shi ya san yadda zai rufe. In lokaci ya ƙare ba a cimma matsaya ba, shugaba ya tambayi zaure: a ƙara minti 5 daga sauran batutuwa, ko a ɗage da sunan wanda zai dawo da amsa? Batun da ya dawo zama uku a jere, mukan raba shi gida biyu, kowane da mai ɗaukarsa.