Gargaɗi: mai sayar da sama a WhatsApp ya shigo Garwa

Jama'a, musamman dillalan gidaje da masu masauki, a yi hattara da wani da ke yawo a guruf-guruf yana cewa shi gwanin gyaran hoton gini ne. Yayana ya faɗa hannunsa a watan Janairu.

Kun san yadda Garwa take da hunturu: hazo ya rufe ko'ina, sama fari fat kamar an watsa toka. A haka Yaya ya ɗauki hoton masaukinsa guda biyar da la'asar. Mutumin ya ce zai cire wannan saman ya sa shuɗi mai gajimare a kan sefa 30,000, rabi kafin aiki. Yaya ya tura 15,000 ta waya.

Da hoton farko ya iso, Yaya har da hamdala. Ni kuwa da na buɗe shi a kwamfuta, inuwa na fara nema. Rana tana dukan bangon dama na ginin, inuwar darbejiyar ƙofar gida ta kwanta hagu. Amma gajimaren da ya liƙa, gefensu na hagu ne ke haske, na dama ya yi duhu. Wato rana biyu a hoto ɗaya! Gilasan tagogi kuma har yanzu farin hazo suke nunawa, alhali sama ta koma shuɗi shar. Wayar lantarki ta yanke a tsakiya, ganyen bishiya duk farin zobe ya kewaye su.

Na ce, "Yaya, ku ce masa ya juya gajimaren." Sai mutumin ya ce wai wannan saman ba ta juyuwa, sai an sayo wata, a cika masa kuɗinsa a ƙara 10,000. Nan na tabbatar ɗan damfara ne. Tun 2020 manhajar gyaran hoto ta Photoshop ke da wurin canza sama mai suna Sky Replacement a ƙarƙashin Edit, da hotunan sama a ciki, kuma akwai akwatin Flip da ake dannawa sau ɗaya hasken ya koma ɗaya gefen. Da muka gaya masa haka, ya toshe lambar Yaya.

Ko da ya juya ɗin ma, da sauran aiki. Hasken hazo laushi gare shi, inuwarsa ba ta da kaifi, ginin kuma ya ɗan yi ja saboda ƙura. In ka ɗora masa shuɗin damina mai ƙarfi, sai ya zama kamar an yanko gidan da almakashi. Abin da ke karɓarsa shi ne sama mai shuɗi kaɗan, wadda ke ƙara fari in ta kusa taɓa rufin, a kuma gyara tagogi su dace da ita.

Duk wanda ya zo muku da wannan tayin, kada ku kalli samfurin da ya turo, ana kwaso irinsu a intanet. Ku ba shi hotonku guda ɗaya ya gwada, ku duba inuwa da gilashi, sannan a yi maganar kuɗi. Hotunanmu huɗu dai har yau ba mu gan su ba.