Sharhi kan sikelin auna kitsen jiki bayan wata huɗu ina amfani da shi

Shekarata 34, kuma na shafe fiye da shekara goma ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. Abin da ya sa na sayi wannan sikeli shi ne wani gwajin lafiya da aka yi mana a wurin aiki, inda aka auna tsawona aka sami mita 1.75, aka auna nauyina aka sami kilo 88, sannan aka rubuta mini cewa nauyina ya wuce ƙima kuma ya kamata in rage. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin akwai hawan jini a danginmu kuma ba na wasa da duk abin da ya shafi lafiyar zuciya. Na so in san gaskiyar abin da ke jikina, ko kitse ne ya taru ban sani ba, ko kuwa ma'aunin ne bai dace da mai irin jikina ba.

Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne wanda yake fitowa a fuskar sikeli da sunan BMI, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa.

```
88 ÷ (1.75 × 1.75) = 28.7
```

A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Ke nan ni saura ƙiris in shiga rukunin ƙarshe. Asalin wannan lissafi na Adolphe Quetelet ne, masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya fito da shi a shekarun 1830 yana nazarin matsakaicin jikin jama'a, kuma sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yanzu. An gina shi ne domin kwatanta dubban mutane a dunƙule, kuma a wannan fage yana da amfani har gobe. Matsalarsa ita ce abu biyu kaɗai ya sani game da mutum, nauyi da tsawo. Bai san ko kilon da ya ƙaru tsoka ce ko kitse ba, kuma bai san inda kitsen ya zauna ba. Tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, domin lita ɗaya ta tsoka ta kai kusan kilo 1.06, ta kitse kuwa kusan kilo 0.9, amma babban dalilin kuskuren ya wuce wannan bambanci: ɗan wasan da ya daɗe yana atisaye ya ɗora wa ƙashinsa tsokar da ta fi ta matsakaicin mutum da kilo goma ko fiye, kuma lissafin yana ƙirga ta duka a matsayin nauyin da ya wuce ƙima.

Sikelin da na saya irin na gida ne, mai faranti huɗu na ƙarfe a samansa da ake takawa ba takalmi. Yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba a jin ta ta ƙafa ɗaya, ta fita ta ɗayar, sai ya auna yadda jiki ya tare ta. Tsoka tana ɗauke da ruwa mai yawa, don haka wutar tana ratsa ta da sauƙi, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, yana tare ta. Daga nan sai na'urar ta haɗa wannan awo da shekaru da tsawo da jinsin da aka shigar mata, ta ƙiyasta kason kitse. Kalmar ƙiyasi tana da muhimmanci a nan, domin sikelin ba ya ganin kitse, lissafi yake yi da wani tsari da aka ɗauko daga jikin waɗansu mutane.

A wajen auna nauyi ba ni da ƙorafi a kansa, muddin an ajiye shi a kan siminti ko tayil. Ranar da na ɗora shi a kan darduma ya rage mini kilo da dama, sai da na mayar da shi ƙasa ya dawo daidai. A wajen kitse ne na ga rauninsa. Safiyar farko ya nuna kashi 21 cikin 100, da yammacin ranar kuma ya nuna kashi 18, alhali babu wanda kitsensa ke raguwa haka tsakanin asuba da la'asar. Abin da ya faru shi ne ruwan jiki yana gangarowa ƙafafu idan mutum ya yini a tsaye, kuma tun da wutar ta ƙafafu take bi, sai ta sami hanya mai sauƙi, sikelin ya ɗauka tsoka ce ta ƙaru. A ranakun da na yi azumi na hau shi kafin shan ruwa, kason ya hau sama saboda ƙarancin ruwa a jiki. Da hunturu ya shigo kuma diddigena ya bushe ya yi kaushi, sai ya ƙi karantawa gaba ɗaya har sai na goge tafin ƙafata da jiƙaƙƙen tsumma.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maɓallin da aka rubuta wa Athlete, wanda aka tanada domin 'yan wasa. Da na danna shi na sake hawa a cikin minti ɗaya, kashi 21 ya koma kashi 14. Jikin ɗaya ne, wutar ɗaya ce, tsarin lissafin kawai aka sauya. Wannan ya nuna mini cewa shi ma sikelin yana da ragowar cutar BMI, wato yana auna mutum da matsakaicin jama'a sai an gaya masa akasin haka. Bugu da ƙari, da yake wutar ba ta hawa ƙirji da kafaɗu da damatsa sosai, mai ɗaga ƙarfen da yawancin tsokarsa take sama ba zai sami adalci a wurinsa ba.

Domin in raba gardama, na nemi wani mai horar da 'yan wasa wanda ya ƙware da ma'aunin ninkin fata, wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki da ake cafke fata da kitsen da ke ƙarƙashinta. Ya auna wuri uku a ɓangaren dama na jikina, kowane wuri sau uku, bisa tsarin Jackson da Pollock na 1978: ƙirji ya ba da milimita 10, gefen cibiya 22, gaban cinya 16, jimla 48. A shekaruna wannan ya kama kusan kashi 15. Shi ma wannan awo ya dogara da hannun mai yi, kuma zai iya kaucewa da kashi uku ko huɗu, amma yana da fa'ida guda: milimitocin da kansu abu ne da aka taɓa da hannu, kuma idan mutum ɗaya ne yake aunawa kowane wata, raguwa ko ƙaruwarsu gaskiya ce.

Da wannan adadi na zauna na yi lissafin da ya warware mini komai. Kashi 15 na kilo 88 shi ne kilo 13 da ɗoriya na kitse, sauran kusan kilo 75 kuwa tsoka ce da ƙashi da ruwa da kayan ciki. Kafin BMI ɗina ya sauko ƙasa da 25, sai nauyina ya koma kusan kilo 76, wato in zubar da kilo 12. Idan daga kitse kaɗai zan cire su, abin da zai saura bai kai kilo 2 ba, kuma jikin ɗan Adam ba ya rayuwa lafiya a haka. Ashe shawarar da aka rubuta mini, in da na bi ta zuwa ƙarshe, tsokar da na tara cikin shekara goma ce za ta tafi.

Ma'aunin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne mafi araha, tef ɗin awo irin na tela. Ana auna ƙugu a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, mutum yana tsaye, bayan ya saki numfashi yadda ya saba, ba tare da ya shanye ciki ko ya matse tef ɗin ba. Nawa ya ba da santimita 84, wanda idan aka raba shi da tsawona na santimita 175 zai ba da 0.48. Ƙa'idar ita ce ƙugu kada ya kai rabin tsawo, kuma hukumar NICE mai ba da shawarwarin kiwon lafiya a Birtaniya ta shigar da ita cikin shawarwarinta a 2022. Hikimarta ita ce kitsen da ke taruwa a cikin ciki kewaye da hanta da hanji shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma atisaye yana faɗaɗa ƙirji da cinya fiye da yadda yake faɗaɗa ƙugu. Wani ɗan uwana da muke kusan tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, wanda yake yini a zaune a shago, ya karɓi tef ɗin ya gwada, sai ya sami santimita 103, wato 0.59. BMI ɗinmu kusan ɗaya ne, amma shi ne yake da dalilin ganin likita, kuma na yi farin ciki da ya je.

Ya kamata in faɗi wani abu ga abokan atisayena, domin na ga yadda ake fakewa da wannan magana. Kasancewar BMI yana kuskure a kan mai tsoka ba ya nufin duk mai ɗaga ƙarfe ko ɗan kokawa mai nauyi ya kuɓuta. Mutum yana iya tara tsoka da tumbi a lokaci guda, kuma wanda lissafinsa ya haura 30 sannan ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa yana ɗauke da kitsen gaske, komai ƙarfin damtsensa. Akwai na'urar asibiti da ake kira DEXA, wadda take raba kitse da tsoka da ƙashi sashe-sashe ta hanyar haske mai ratsa jiki, kuma ta fi duk waɗannan daidaito, sai dai tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Awon hawan jini da na sukari kuwa babu tef ko sikelin da zai maye gurbinsu.

Hukuncina a kan sikelin shi ne yana da kyau wajen nauyi, yana da matsakaicin amfani wajen bin sauyin kitse, kuma ba abin dogaro ba ne idan adadi guda ake nema daga gare shi. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau shi, kamar yadda takardar da ke cikin kwalinsa ta yi gargaɗi. Ni yanzu ina hawansa sau ɗaya a mako, ranar Asabar da safe bayan na yi fitsari kuma kafin in ci ko in sha komai, a wuri ɗaya a kan tayil, ba na sauya maɓallin 'yan wasa, sannan in auna ƙuguna da tef in rubuta adadin biyu a littafi. A wata huɗun nan nauyina yana tsakanin kilo 87 da 89, ƙuguna kuma bai wuce santimita 85 ba.