Gargaɗi: ku yi hattara da mai gyaran da kullum maganarsa "gas ya ƙare"

Sau huɗu a cikin shekara ɗaya aka ƙara wa esin ɗakin mahaifiyata gas, kuma mutum ɗaya ne ya yi duka huɗun. Ba zan kama sunansa ba, domin na gane ba shi kaɗai ke wannan sana'ar ba, kuma sanin yadda ake yin cutar ya fi sunan mutum ɗaya amfani.

Esin mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, irin mai kai biyu, ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje. A watan Maris, da zafin Kano ya fara kankama, Hajiya ta ce iskar ta daina sanyi. Na kira wanda ya kafa mana shi. Ya zo da 'yar tukunyar gas ɗaure a bayan babur, ya jona geji, wato ma'aunin matsin gas, bai yi minti biyu ba ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Ya ɗura, sanyi ya dawo, na biya har ina godiya. Bayan wata biyu aka koma gidan jiya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ai zafin bana ne, injin yana shan gas da yawa." Na yarda, domin a raina na ɗauka gas ɗin esi kamar fetur ne a janareta, ana aiki yana ƙonewa.

Wannan maganar ƙarya ce, kuma a kanta aka gina duk cutar. Gas ɗin esi ko na firji ba ƙona shi injin yake yi ba, ba ya ƙarewa da aiki. Zagaye kawai yake yi a cikin rufaffen bututun jan ƙarfe: kwamfireso ya matsa shi, ya fitar da zafinsa a kan da ke waje, ya koma ruwa, ya shiga kan da ke cikin ɗaki ya kwashi zafin ɗakin, ya sake komawa kwamfireso. Wanda aka zuba tun daga kamfani shi ne zai yi ta wannan zagayen shekara da shekaru. Shi ya sa za ka ga tsohon firji a gida ya haura shekara goma sha biyar ba a taɓa ƙara masa komai ba. Idan gas ya ragu, to akwai inda yake fita. Wanda ya ƙara maka gas bai nemi wurin ba, ruwa ya zuba maka a tulu mai yoyo, kuma ya san za ka sake kiransa.

Bayan ɗuri na huɗu ne wani maƙwabcina ya haɗa ni da wani dattijo mai gyara. Da ya zo, tukunyar gas ma a mota ya bar ta. Ya ce in kunna esin, muka jira kamar minti goma sha biyar, sannan muka zagaya bayan ɗaki. A gefen kan na waje akwai bututu biyu, siriri da mai kauri, kowanne da notin tagulla. Siririn ya yi fari fat da ƙanƙara. Ya ce in taɓa mai kaurin. Na taɓa, na ji shi salam, babu sanyi. Ya ce, "Ka gani ɗana, lafiyayyen esi wannan mai kaurin sanyi yake yi har ya riƙa gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. In ka ga siririn ya yi ƙanƙara, mai kaurin kuma ba sanyi, gas ya yi ƙasa."

Daga nan ya shafa ɗan yatsa a ƙarƙashin notin bututu mai kauri ya nuna mini. Baƙin maiƙo ne, ƙura ta manne masa ta zama kamar kwalli. Ashe man kwamfireso yana bin gas ɗin yana zagayawa, saboda haka duk inda gas ke tsiyaya, mai ma yana fitowa ya bar tabo. Mutumin nan sau huɗu yana tsugunawa a gaban wannan notin, hannunsa bai fi taƙi ɗaya da shi ba. Ba zan yarda bai gani ba.

Dattijon ya kashe injin, ya dama sabulu da ruwa a cikin roba, ya shafa kumfar a jikin notin. Muka zuba ido. Can sai ga ƙwayar kumfa tana kumbura a hankali, ta fashe, wata ta taso. Da ya kwance notin sai ga bakin bututun, wanda ake buɗawa kamar bakin kakaki don ya zauna daidai, ya tsage ta gefe ɗaya. Tun ranar kafawa aka ɗaure shi fiye da ƙima. Wato shi wanda ya yi ɓarnar shi ne ya mayar da ni saniyar tatsa a kanta.

Akwai sauran alamun da muka riƙa gani a gida ba mu san ma'anarsu ba. Sanyin ba rana ɗaya yake ɗaukewa ba, a hankali yake raguwa mako bayan mako. Kwamfireson ya daina hutawa, kuɗin mita yana ta zurarewa alhali ɗakin ba sanyi. Wani lokaci ƙanƙara ta kama wani sashe na ƙarfen da ke cikin kan ɗaki, in aka kashe ta narke ruwa ya ɗiga a kan kafet. Idan ramin babba ne har ƙarar fitar iska ake ji, amma namu ƙarami ne, shiru yake aikinsa.

Ba duk rashin sanyi ne yoyon gas ba, kuma ta nan ma ana cutar mutane. Bayan hunturu ƙura kan toshe ragar da ke cikin kan ɗaki, iska ta kasa wucewa, ƙarfen ya daskare, har ƙanƙarar ta biyo bututu mai kauri. Wannan wanki kawai yake so. Haka in kafasita, 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfireso tashi, ta mutu, fankar waje za ta riƙa juyawa amma kwamfireso bai tashi ba, sai dai ka ji yana gurnani ya yi shiru. Ƙarancin ƙarfin wuta ma yana jawo irin haka. Mai son kuɗinka zai wanke raga ko ya canja kafasita, ya ɗan buɗe tukunya ka ji "fuu", ya caje ka kuɗin gas. In kuwa ya ɗura da gaske a kan injin da gas ɗinsa yake cike, ya yi masa illa, domin gas in ya yi yawa ruwansa kan koma cikin kwamfireso.

Ga yadda na ga an yi gyaran gaskiya. Ya yanke tsagaggen bakin, ya buɗa sabo, ya ɗaure. Sannan ya cika bututun da iskar naitirojin har geji ya kai wajen 400 psi, ya nuna mini inda allurar ta tsaya, ya ce shi sai gobe. Washegari allurar tana nan inda ya bar ta, alamar babu wani ramin. Ya ja kunnena cewa kada in taɓa barin wani ya yi wannan gwajin da iskar oksijin ta masu walda, domin in ta haɗu da man kwamfireso fashewa take yi. Bayan ya saki naitirojin ɗin, ya jona injin zuƙe iska, wanda suke kira bakyum, ya bar shi yana aiki sama da rabin awa don ya fitar da iska da danshin da suka shiga. Wancan na farkon ko sau ɗaya ban ga wannan injin a hannunsa ba.

Sai batun awo. A gefen kan na waje akwai takarda manne da ke faɗin irin gas ɗin da yawansa. Tamu ta ce R410A, giram 850. Dattijon ya ɗora tukunya a kan sikeli, ya kifa ta domin irin wannan gas ɗin a ruwansa ake ɗura shi, ya tsaya da sikeli ya nuna an zuba adadin. Na tambaye shi, "Baba, to shi wancan da me yake aunawa?" Ya ce da yawansu hannu suke sawa a gaban iska, in sun ji sanyi su rufe. Ya kuma ce in riƙa karanta abin da ke rubuce a jikin tukunyar da aka kawo. Esin da ke gidajenmu akwai mai R22, akwai mai R410A, akwai mai R32, kuma ba a cakuɗa su, don ƙarfin matsinsu ba ɗaya ba ne, kuma man da R22 ke tafiya da shi daban yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayanin da ya yi a kan kwamfireso. Gas ɗin da ke dawowa da sanyinsa shi ne ke sanyaya kwamfireson. Duk makonnin da injin ya yi yana aiki da rabin gas, cikin zafi yake gasuwa, man da ke rage masa gogayya kuma yana bin ramin yana fita. Ƙari a kan haka, duk ɗurin da aka yi ba tare da kula ba yana iya shigar da danshi, man R410A kuwa yana jan danshi, ya zama asid mai cin rufin wayoyin cikin kwamfireso. Ranar da ya ƙone, kuɗin sabo ba ƙaramin kaso ba ne na kuɗin esin gaba ɗaya, kuma wanda ya yi ta ɗura maka gas shi ne zai zo ya ce ya san inda ake samun na hannu mai kyau. Namu ya tsira, amma ƙararsa ta fi ta da, dattijon kuma bai ɓoye mini ba cewa an rage masa kwana.

Masu firji da firiza, musamman mata masu sayar da ƙanƙara da zoɓo, abin ya shafe ku. Gas ɗin firji kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai giram 150 ba, don haka ɗan rami ya isa ya kwashe shi. Sau da yawa ramukan daga wuƙar da ake kankare ƙanƙara da ita suke, ku bar ta ta narke da kanta. In an toshe rami a yi bakyum, a canja 'yar matatar da ke bayan firjin, a ɗura da awo. Wanda aka rubuta R600a a jikinsa gas ɗinsa yana kama wuta, kada a kusanto da wutar walda sai an fitar da shi a wuri mai iska. Idan kuma yoyon a cikin bangon firjin yake, inda bututu ya nutse a cikin soso, mai gaskiya zai gaya muku tun farko cewa aikin babba ne, ku yi lissafi ko gyaran ya cancanta.

Na san akwai yaran da haka suka koya a wurin ogansu, ba su da bakyum ba su da sikeli, ba da niyyar cuta suke yi ba. Amma asarar da ke kanka ɗaya ce. Yanzu duk wanda ya ce mini gas ya ƙare, cewa nake ya nuna mini inda ya fita, da kumfar sabulu, ina tsaye. In ya ce ramin ba ya ganuwa, in tambaye shi ko yana da naitirojin da bakyum da sikeli. In babu, in ba shi kuɗin man babur ɗinsa mu rabu lafiya.

Wata goma sha huɗu ke nan da gyaran dattijon, zafi biyu sun wuce, ba a ƙara ko giram ɗaya ba. Jiya da yamma na zagaya bayan ɗakin Hajiya na shafa notin, a bushe yake, bututu mai kaurin kuma yana ta gumi.