Wasiƙar gayyata: mai roƙo da mai bayani

"'Yan'uwa, ina so in gayyato mahaifiyata ta ziyarce ni a ƙasar da nake aiki. Wani ya ce in rubuta doguwar wasiƙa mai ratsa zuciya, wani ya ce gajera ta fi. Wacce jami'in biza zai fi yarda da ita?"

Ɗan'uwa, jami'in yana duba ko abin da ka rubuta ya yi daidai da fom ɗin Mama da takardun da aka haɗa. Mu jera wasiƙu biyu ka gani.

Ta farko ta ce: "Na yi kewar mahaifiyata, za ta zauna da ni na ɗan lokaci, kuma na yi alkawarin za ta koma." Ta biyu ta ce: "Mahaifiyata za ta iso ranar 3 ga Agusta don bikin kammala karatun matata, ta koma ranar 24 ga Agusta. Za ta sauka a gidana mai ɗaki biyu, ni zan biya tikiti da ciyarwa." A ta farko babu abin da za a iya bincikawa, domin "ɗan lokaci" yana iya zama shekara. A ta biyu kowace magana tana da takardar da za ta tsaya mata: katin bikin, yarjejeniyar hayar gida, takardun albashi da bayanin asusun banki na watanni uku zuwa shida.

Alkawarin komawar nan ba shi da nauyi, don ba ka da ikon cika shi. Abin da ke nuna za ta koma yana wajenta: aiki ko sana'a, fansho, gida, miji ko yaran da take riƙo. Ka ambace su a jimla ɗaya, ita kuma ta haɗa shaidarsu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne maganar kuɗi. Idan wasiƙa ta ce kai za ka biya, fom kuma ya ce ita ce, an sami saɓani. Haka nan idan aka zuba kuɗi mai yawa a asusunta daf da neman biza ba tare da bayanin inda ya fito ba, za a ɗauka aro ne. Kuma kada ka rubuta cewa za ta zo rainon jariri don ku koma aiki, wasu ƙasashe suna iya ɗaukar hakan a matsayin aiki, bizar ziyara kuwa ba ta halatta shi ba.

Shafi ɗaya ya isa. Ka sa cikakken sunanta kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, lambar fasfo, dangantakarku, adireshinka da lambar wayarka, ka rubuta kwanan wata, ka sa hannu, sannan ka haɗa kwafin takardar izinin zamanka. Kafin ka aika, ka karanta wa Mama wasiƙar da harshen da take ji, domin idan aka kira ta ganawa, ranakun da za ta faɗa su zama waɗanda ka rubuta.